Ƙurajen aski a gemu da wuya: tambayoyi da amsoshi kan yadda za a tsira daga tabo

Waɗannan su ne tambayoyin da maza suka fi yi mini a kan ƙurajen da ke fitowa bayan aski, musamman a ƙarƙashin haɓa da gefen maƙogwaro. Na jera su yadda matsalar take zuwa, daga ƙurjin farko har zuwa tabon da ya ƙi tafiya.

Me ke kawo ƙurajen nan? Ƙazantar kilifa ce?

Yawancin lokaci ba ita ba ce. Mutane da yawa suna ɗora wa mai aski laifi, su ce bai wanke kilifa ba, alhali abin da ke cikin ƙurjin gashinsu ne. Gashin baƙar fata a nannaɗe yake tun daga cikin ramin da yake tsirowa. Idan reza ta yanke shi, sai ta bar masa baki mai tsini kamar an fiƙe tsinke. Daga nan hanya biyu ce. Ko dai gashin ya fito waje, ya lanƙwaso, ya soki fatar da ke kusa da shi ya shige. Ko kuma an yanke shi ƙasa da saman fata, sai ya rasa ƙofar fita, ya huda bangon raminsa ta gefe, ya ci gaba da girma a cikin nama.

Jiki ba ya gane cewa nasa ne. Yana ɗaukarsa kamar ƙaya ce ta shige shi, sai ya tara kumburi a kewaye da shi. Wannan kumburin shi ne ƙurjin da kake gani, mai ƙaiƙayi, wani lokaci da ɗan farin kai. Likitocin fata suna kiran abin sudofolikulaitis, wato mai kama da ciwon ramin gashi amma ba ƙwayar cuta ce tushensa ba. Shi ya sa za ka ga mutum ya sayi kilifarsa, ba ya haɗawa da kowa, amma ƙurajen ba su bar shi ba.

Me ya sa abin ya fi tsanani a wuya?

Saboda a wuya gashi ba ya bin hanya ɗaya. A kumatu yakan yi ƙasa, amma da ka sauka ƙarƙashin muƙamuƙi sai ka tarar wani ya yi gefe, wani ya yi sama, wani ya murɗe kamar guguwa. Kuma gashin wuya a kwance yake fitowa, kusa da fata, don haka bai yi nisa ba zai sake taɓa ta. Ga fatar wurin mai laushi da naɗewa, ga wuyan riga yana gogar ta daga safe zuwa dare.

A nan ne masu ajiye gemu su ma suke shiga ciki. Da yawa daga cikinmu ba ma aske gemu, saboda sunna ko saboda ado, amma duk mako muna zama a yi mana gyaran fuska: a fitar da layin saje, a kwashe na wuya da reza har fata ta yi sumul. Daidai kan wannan layin ƙurajen suke jeruwa. Idan kana da gemu amma wuyanka ya cika da ƙuraje, yawanci gyaran nan ne ya jawo su.

Ta yaya zan bambanta su da wata cutar fata?

Ƙurajen aski suna fitowa ne kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki bayan aski, a inda reza ta bi kawai. Idan ka duba a madubi da haske mai kyau, sau da yawa za ka hango gashin, ko dai ya yi baka kamar kunnen allura, ko ya kwanta kamar baƙin zare a ƙarƙashin fata.

Akwai biyu da ake rikita su da shi. Na farko, idan ƙwayoyin cuta suka shiga ramin gashi: ƙurajen sukan cika da mugunya, su yi zafi, su yi ɓawon rawaya, kuma sukan kama har gashin baki, inda ƙurajen aski ba su cika zuwa ba. Na biyu shi ne makero na gemu, wanda ya fi kama masu hulɗa da shanu da sauran dabbobi: wuri ɗaya yakan kumbura ya yi laushi, gashin wurin ya riƙa tsigewa da ɗan ja kaɗan. Wannan yana buƙatar maganin sha na makonni, man shafawa kaɗai ba ya kai masa. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin biyun, ko kumburi mai yaɗuwa da zazzaɓi, asibiti ya kamata ya nufa.

Mene ne maganin da ya fi kowane aiki?

A daina aski na ɗan lokaci. Na san ba shi mai tambaya yake son ji ba, amma babu man da ya kai wannan. Gashin gemu yana ƙaruwa da kimanin santimita 1 a wata. Idan aka bar shi, wanda ya lanƙwasa ya shige fata yana ci gaba da tsawo, bakan da ya yi yana ƙara faɗi, har ƙarfin lanƙwasar ya fizgo bakinsa waje da kansa. Wannan yakan ɗauki mako 3 zuwa 6. Da gashin ya fita, abin da ke hura kumburin ya tafi, sai ƙurjin ya sace.

Sai dai a san cewa makon farko da na biyu abin yakan ƙara muni kafin ya yi sauƙi, domin gashin da aka yanke a askin ƙarshe a lokacin ne yake kaiwa tsawon da zai soki fata. Da yawa a nan suke karaya, su ce barin ma bai yi ba, su koma kan reza. A daure. Idan tsawon ya dame ka, rage shi da almakashi ko kilifa mai mataji a baki, amma kada ƙarfe ya taɓa fata.

Wurin aikina ba a yarda da gemu ba. Yaya zan yi?

Wannan ita ce tambayar soja da ɗan sanda da ma'aikacin banki da mai aikin otal. Matsalar tsohuwa ce a aikin ɗamara: rundunar sojan Amurka ta yi shekaru da yawa tana ba masu wannan larura takardar likita da ke ba su damar barin ɗan gajeren gashi, kafin ta tsaurara dokar a 2025. Ko ba a kai ga takarda ba, dabarar ɗaya ce: kada a yanke gashi daidai da fata ko ƙasa da ita. A bar masa kimanin milimita 1. Daga nesa fuska a aske take, amma bakin kowane gashi yana waje, ba shi da hanyar huda ramin daga ciki.

Bari in kawo misalin wani ƙanena da ya sami aikin gadi a wani kamfani inda ake duba fuska kowace Litinin. Abin da yake yi da farko shi ne, daren Lahadi ya ɗauki reza mai baki uku, ya ja fatar wuyansa da yatsu ta miƙe, ya yi ta kankarewa daga ƙasa zuwa sama har sai ya shafa bai ji komai ba, sannan ya watsa sifirit. Zuwa Laraba wuyan ya tashi. Alhamis da Juma'a yana matsa su da farce. Lahadi ta zagayo ya sake bi ta kansu da reza, yana yanke kawunan ƙurajen, jini na fita. Cikin wata uku ƙarƙashin haɓarsa ya yi baƙi ƙirin, ya yi kaushi.

Duk matakin da ya ɗauka akwai ɓarnarsa. Reza mai baki da yawa, bakin farko yana jawo gashin, na bayansa ya yanke, sai guntun ya koma ciki ƙasa da fata. Jan fata ma haka yake yi: da ka sake ta, ta haɗiye gashin. Aski ta hanyar da ta saɓa wa tsirowar gashi yana ƙara masa tsini. Barin mako guda cif tsakanin aski da aski kuma yana ba gashin lokacin da zai yi tsawo ya lanƙwaso.

Da ya sami hutun mako uku, sai ya ajiye reza gaba ɗaya. Kowane dare yana dafa wuyan da tsumma mai ɗumi na minti biyar, ya goga a hankali da buroshin haƙori mai laushi da ya ware don wannan. Da ya koma aiki, ya sayi ƙaramar kilifa da ba a wasa bakinta ba, yana bi da ita duk bayan kwana biyu, yana barin ɗan toho. Sababbin ƙuraje suka ragu sosai a wata na biyu. Baƙin wuyan ne ya fi daɗewa, ya haura wata shida kafin ya washe.

In dole sai na yi da reza, ta yaya zan rage ɓarna?

Fara da sanin hanyar gashinka. Bar shi kwana uku, sannan ka shafa yatsa a kowane sashe na fuska da wuya. Inda ka ji santsi, nan ne hanyar da yake bi, kuma nan reza za ta bi. Inda ka ji kaushi, ka saɓa masa.

Yi askin bayan wanka da ruwan ɗumi, ko ka ɗora jiƙaƙƙen tsumma mai ɗumi na 'yan mintoci. Jiƙaƙƙen gashi ya fi laushi, yankansa ba ya barin tsini sosai. Shafa kumfar aski ko man aski, ka bar shi ya zauna kaɗan. Yi amfani da reza mai baki ɗaya, sabuwa, domin dakusasshiya jan gashi take yi kafin ta yanke. Kada ka ja fata, kada ka danna, kuma kada ka bi wuri ɗaya fiye da sau ɗaya ko biyu. Ɗauraye rezar bayan kowane ja. Idan ka gama, wanke da ruwan sanyi, ka shafa mai marar turare. Man kaɗanya kaɗan ya isa, musamman da hunturu da fata ke bushewa, amma ba a lafta shi ba.

Ma'aunin da nake ba mutane shi ne: in ka shafa fuskarka sama bayan aski ka ji ta kamar ta jariri, ka wuce gona da iri.

Me zan ce wa mai askina?

Ka ce masa: “Maigida, kada ka kwashe mini ƙasan nan da reza, bi da kilifa kawai, kuma kada ka danna.” Masu aski da yawa suna wasa bakin kilifa su matse shi don layi ya fito tsaf, irin wannan kilifar kusan reza ce, tana yankan fata ba ka sani ba. Idan akwai ƙuraje a wurin, ya zagaye su. Wanzami mai aska ma haka, ka nuna masa inda ba ka so ya taɓa.

Batun tsabta kuwa yana nan daram ko da ba shi ke kawo ƙurajen ba. Reza sabuwa a buɗe ta a gabanka, domin ƙarfen da ya taɓa jinin wani yana iya ɗaukar cutar hanta. Wanda yake da hali ya riƙe kilifarsa.

Zan iya ciro gashin da ya shige da allura ko matsefata?

Za ka iya ɗago shi, amma kada ka tuge shi. Bambancin nan shi ne kusan dukan labarin tabo. Idan kana ganin bakan gashin a waje, wanke wurin da hannunka, ka goge tsinin allura da sifirit, ka zura ƙarƙashin bakan, ka ɗaga a hankali har bakin da ya shige ya fito. Shi ke nan, ka bar shi a tsaye a raminsa. Idan ka tuge shi daga saiwa, sabon da zai tsiro zai taso ne daga can ƙasa, ya tarar da rami mai rauni wanda bakinsa ya toshe, sai ya sake maƙalewa, ƙurjin ya fi na da.

Wanda kuma ba ka ganinsa, yana can cikin nama, kada ka tona. Ɗumi da haƙuri ne maganinsa. Mafi yawan munanan tabon da nake gani a wuyan samari ba reza ce ta yi su ba, farce ne da allura a gaban madubi.

Mata masu tsiron gashi a haɓa su ma wannan ya shafe su, don tsigewa da matsefata ita ce ke jawo musu ƙuraje da baƙin tabo. Gara a datse da ƙaramin almakashi. In gashin yana ƙaruwa, kuma al'ada ta rikice, a ga likita a duba dalili.

Wane mai ne yake taimakawa, wanne ne yake ɓatawa?

Masu taimakawa kaɗan ne, kuma ba sa aiki in ba a gyara askin ba. Benzoyil feroksayid mai ƙarfin kashi 2.5 zuwa 5 yana rage ƙwayoyin cuta da ƙurajen da suka yi farin kai, sai dai yana koɗar da launin tufafi da tawul. Adafalin ko tiretinoyin, a shafa ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake da dare, yana rage kaurin fatar da ke toshe bakin rami, yana kuma taimakawa wajen baƙin tabo. A fara da sau biyu ko uku a mako domin yana busar da fata, kuma sai an yi mako 8 zuwa 12 ake ganin amfaninsa. Mai ciki ba ta amfani da shi. Idan ƙaiƙayi da kumburi sun yi yawa, haidirokotizon mai kashi 1 na kwana uku zuwa biyar yana kwantar da su, ba a mai da shi man kullum. In akwai mugunya sosai, likita zai iya rubuta kilindamaisin na shafawa ko doksisaikilin na sha.

Masu ɓatawa sun fi yawa a kasuwa. Man nan da ake cewa yana maganin komai, wanda aka haɗa magani uku a bututu ɗaya, yawanci akwai kilobetasol ko betametazon a ciki. Kwana biyu za ka ga ƙuraje sun kwanta, ka ce ka sami magani. Ka ci gaba da shi wata biyu, fatar ta yi siriri, launinta ya rabu biyu, wasu sababbin ƙuraje su ɓarke, da ka daina kuma abin ya dawo da ƙarfi. Sifirit da turaren bayan aski raɗaɗi kawai suke ƙarawa a kan fatar da ta riga ta ji rauni. Alif yana tsayar da ɗan jini in an yanke, amma ba ya hana gashi shigewa. Man goge baki, lemun tsami, da man birki da wasu ke shafawa kuwa ƙuna ce zalla, kuma ƙuna a baƙar fata tabo take bari.

Hodar cire gashi fa, ko man cire gashi?

Suna da amfani ga wasu, domin ba yanka suke yi ba, narkar da gashin suke yi, sai bakinsa ya zama dakusasshe ba mai tsini ba. Haɗarinsu shi ne suna cin fata kamar yadda suke cin gashi. Gwada a ɗan wuri a cikin hannunka tukuna, ka jira kwana biyu. Kada ka wuce mintocin da aka rubuta a jikin kwalin, kada ka shafa a kan ƙurji ko rauni, kuma ka bar aƙalla kwana biyu zuwa uku kafin ka maimaita. In ka ji zafi tun lokaci bai cika ba, wanke nan take.

Baƙin tabon da ƙurajen suka bari zai tafi?

Shafa yatsa a kai. Idan a shafe yake, daidai da sauran fata, launi ne kawai ya canja, to wannan ba tabon dindindin ba ne. Fatarmu tana zuba baƙin launi a duk inda aka yi kumburi, kuma yana washewa da kansa, amma a hankali, daga wata uku har shekara, wani ma ya wuce. Abin da ke hana shi tafiya shi ne sabon ƙurji a kan tsohon wuri, sai kuma rana. Don haka matakin farko dakatar da ƙurajen ne. Wanda ke yini a rana, kamar ɗan acaɓa ko mai gadi, man kariyar rana zai taimaka masa. Adafalin da man azeleyik suna gaggauta washewar. Haidirokwinon yana aiki, amma na 'yan watanni ne a ƙarƙashin kulawar likita, domin daɗewa a kansa yana jawo wani baƙi mai shuɗi-shuɗi wanda ya fi na farkon wuyar magani. Man bilicin ba shi da gurbi a nan.

Wani ƙurjin ya yi tauri, yana girma, ba ya sacewa. Mene ne wannan?

Wannan shi ne abin da nake tsoro wa mutane. Idan ƙurji ya wuce wata biyu ko uku, ya yi tauri kamar roba, samansa yana sheƙi, yana ƙaiƙayi ko tsikari, kuma yana faɗaɗa ya wuce inda ya fara, to mai yiwuwa kiloyid ne, wato tabon da naman gyara ya ƙi tsayawa. Ya fi yawa a baƙar fata, kuma yana bin dangi. Duba jikinka: in hujin kunne, ko shaida, ko tsaga, ko wani tsohon rauni ya taɓa yin tudu a jikinka ko na iyayenka, to kai reza a wuya ba taka ba ce, ka tsaya a kan kilifa ko ka bar gemun.

Kiloyid ba ya jin man kasuwa, kuma kada a bari wanzami ko wani ya yanke shi. Yanka shi kaɗai, ba tare da wani magani a bayansa ba, sau da yawa dawowa yake yi ya fi da girma. Abin da likitan fata ke yi shi ne allurar tirayamsinolon a cikin tabon kansa, duk bayan mako 4 zuwa 6, sau da dama, har ya yi laushi ya kwanta. Akan haɗa da man silikon ko faifansa da ake liƙawa na watanni. Ƙarami, sabo, ya fi saurin jin allura nesa ba kusa ba, shi ya sa ba a jira ya kai girman goro. Asibitocin koyarwa suna da sashen fata, can ya kamata a nema.

Irin wannan yana fitowa a ƙeya ma, ƙananan ƙuraje masu tauri a layin gashi da ke haɗewa su cinye gashin wurin. Mai irin wannan ya daina yarda a kwashe masa ƙeya da reza ko matsattsiyar kilifa, ya kuma ga likita da wuri.

Akwai hanyar rabuwa da su gaba ɗaya?

Hanya biyu ce: barin gemu, ko kashe gashin da leza, wato na'ura mai harba haske mai ƙarfi. Leza tana ƙona saiwar gashin, sai ya ragu ya yi laushi, ƙurajen su bi shi. Amma hasken leza baƙin launi yake bi, kuma baƙin yana cikin fatarmu kamar yadda yake cikin gashin, don haka na'urar da ba ta dace ba za ta ƙona fuska ta bar dabbare-dabbare. Wadda ta fi dacewa da baƙar fata ita ce Nd:YAG mai tsawon zango nanomita 1064. Ka tambayi sunan na'urar kafin ka kwanta, ka nemi a gwada a ɗan ƙaramin wuri tukuna. Ana yin zama da yawa, tsakaninsu mako 4 zuwa 6, ga tsada, kuma ba ta kama furfura. Wanda ke son gemunsa yana iya cewa a yi masa a wuya kawai, daga ƙarƙashin layin muƙamuƙi zuwa ƙasa, a bar masa na sama yadda yake.